Kafin ka ce "mu yafi juna", ɗauko littafin haya

Daren jajiberin ƙaramar Salla ta 2023, bayan an sha ruwa, na zauna a kan benci a ƙofar gidanmu da ke Garwa, na yi wa autarmu saƙon murya. Bai kai minti biyu ba. Na yi sallama, na yi mata barka da shan ruwa, na kawo hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, na ce mata duniya ba matabbata ba ce, abin da ya wuce ya wuce, mu yafi juna. Sai da na saurare shi sau biyu kafin na tura, har ni kaina muryar tawa ta ba ni tausayi. Kafin sallar isha'i waya ta nuna mini ta ji. Ba ta amsa ba, ranar Salla ma ba ta amsa ba. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Kun dai shaida, ni babba na sauke girmana na neme ta, ita ce ta ƙi." Kowa ya ce na kyauta, Allah ya shirye ta.

Yau ina ganin shirun nan nata shi ne amsar da saƙon ya cancanta. Irinsa muke ta aika wa juna a gidajen Hausawa daga Ngaundare har Kuseri, duk azumi, duk babbar Salla, duk lokacin da wani zai tafi Hajji. Wanda ke riƙe da gidan gado ko gonar gado ya tattaro ayoyi da hadisai ya aika wa wanda aka hana, a cikin saƙon babu adadi ko ɗaya, babu maganar gidan. Ra'ayina shi ne, saƙon neman sulhu bayan rigimar gado, in babu lissafi a cikinsa, roƙo ne kawai a bar maka abin da ka riƙe, a ɗora maka da gaisuwa. Kuma wanda dukiyar ke hannunsa shi ke da nauyin fara rubutawa, ko shi ne wa ko shi ne ƙane.

Mahaifinmu ya rasu a ƙarshen 2013. Ya bar Inna, ya bar mu biyar, maza biyu mata uku, ni ne babba. Iyayensa sun daɗe da rasuwa, bashin da ke kansa kaɗan ne kuma mun biya a satin farko, bai bar wasiyya ba. Abin da ya rage shi ne gida ɗaya mai ɗaki bakwai, da shago biyu a gabansa suna kallon titi. Rabon irin wannan gado ba ya buƙatar babban malami. Matar mamaci mai 'ya'ya tumuni take ɗauka, wato ɗaya bisa takwas. Sauran bakwai ɗin, namiji yana da rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Maza biyu kaso huɗu, mata uku kaso uku. Ya faɗo daidai, ba ko ɓurɓushi: Inna ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu.

Ba mu raba ba. Inna na da rai, tana ɗakinta, wa zai buɗe baki ya ce a kawo igiyar awo? Abin da muka yi kawai shi ne na takarda. Gidan yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, da sunan Baba, kuma a Kamaru ba a taɓa irin wannan takarda sai an samo hukuncin kotu da ke tabbatar da su wane ne magada. Muka yi zaman dangi, aka rubuta, aka sa hannu, aka kai kotu tare da takardar shaidar rasuwa. Hukuncin ya jera sunayenmu shida, sannan ya ce ni ne mai kula da dukiyar. Wannan layi na ƙarshe ya rusa gidaje da yawa a ƙasar nan. Mai kula wakili ne, aikinsa ya karɓa, ya gyara, ya rubuta, ya ba kowa nasa. Amma in ka ga sunanka shi kaɗai a ƙasan takarda mai hatimi, kuma kai 'yan haya ke gaisarwa a ƙarshen wata, a hankali zuciya takan fara karanta "mai kula" a matsayin "mai gida". Ni dai haka tawa ta karanta.

Inna ta rasu a ƙarshen 2019. Da aka yi sadakar arba'in, kafin baƙi su watse, Auta ta same ni a zaure. Ita ce ke aure a Kuseri, mijinta yana fatauci tsakanin can da Injamena. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, tun da Allah ya yi wa Inna cikawa, da an duba maganar gidan nan kowa ya san nasa." Maganarta ke nan, ko murya ba ta ɗaga ba. Ni kuwa na ce mata gidan ubanmu ba na sayarwa ba ne, shagunan Baba ya ba ni su tun yana raye, ita kuma gidan mijinta ne gidanta. Sannan na ƙara wadda ta fi duka muni, a gaban Kawu da matan gida: na ce na san ba bakinta ba ne, mijinta ne ya ci bashi a kasuwa ya turo ta. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Da asuba ta hau mota. Ba ta zo bikin 'yata ba. Da kogin Logon ya cika a 2022 ruwa ya shiga unguwannin Kuseri, na gani a waya, na kuma ajiye wayar ban kira ta ba.

To a kan wannan ne na aika mata hadisin kwana uku.

Wanda ya fara tsinka mini zaren Kawu ne, ƙanen Inna, tsohon tela da ba ya son doguwar magana. Da na kai masa ƙarar shirun Auta, yana saka zare a allura bai ko ɗago ba, ya ce, "Ka ce ta yafe. Nawa ne za ta yafe?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ni ma ban gane ba, ita ma ba ta gane ba. Je ka ƙirgo." Ya haɗa ni da wani malami a unguwarmu wanda alƙalin fadar lamido kan kira in rabo ya rikice.

Na shiga wurin malamin da ƙarfina, domin ina da shaidu biyu da suka ji Baba ya ce, "Shagunan nan na babban yaro ne." Ya saurare ni har na gama. Tambaya ɗaya ya yi mini: daga ranar da Alhaji ya faɗi haka zuwa ranar da ya kwanta ciwon ajali, wa ke karɓar kuɗin haya? Na ce Baba ne. Ya ce mabuɗan fa? Na ce suna cikin aljihun rigarsa, ni na ciro su bayan an yi masa wanka. Malam ya ce to babu kyauta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, mai bayarwa ya janye nasa hannun, tun yana da rai da lafiya. In ya rasu kafin haka, abin ya koma cikin gado. Yana nan a Risala da muka karanta muna yara a zaure muna gyangyaɗi. Na ce to a ɗauke ta a matsayin wasiyya mana. Ya yi murmushi ya ce babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince, kuma ga ɗaya can a Kuseri ba ta amince ba.

Na daɗe a kan wannan domin rabin rigingimun gado da na sani a nan suke tsaye, a kan "Baba ya ce". Sau da yawa ba ƙarya ake yi ba, Baban ya faɗa ɗin. Tsofaffinmu suna da wannan hali, su yi wa ɗa alkawari da rana don ya ji daɗin hidima, da dare su ƙirga kuɗin hayarsu su sa a ƙarƙashin matashi. Ɗan yana riƙe da maganar uba kamar aya, 'yan'uwansa suna kallonsa a matsayin ɓarawo, kuma kowane ɓangare yana iya dafa Alƙur'ani da zuciya ɗaya. Mai son rubuta saƙon sulhu sai ya fara zuwa an gwada masa "Baba ya ce" ɗinsa a gaban wanda ya san fiƙihu kuma ba ya cin tuwon gidansa. In kyautar ta tsaya, ya rubuta hujjarsa a fili. In ta faɗi, ya rubuta cewa ta faɗi. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya tsallake ta ya wuce wurin addu'a.

Daga nan muka shiga lissafi, ni da malam da ɗana da ke riƙe da biro. Shago biyu, kowanne sefa dubu 25 a wata, dubu 600 ke nan a shekara. Na kawo abin da nake kashewa, gyaran kwano, yashe masai, haraji, muka daidaita a kan dubu 40 a shekara, saura dubu 560. Daga 2014 zuwa 2019, Inna na raye, rabon Auta ɗaya bisa takwas ne, dubu 70 a shekara, shekara shida dubu 420. Da Inna ta rasu, tumuninta ya dawo kanmu mu biyar, tun da ita ma ba ta bar iyaye ba, sai gidan gaba ɗaya ya koma kaso bakwai, mace ɗaya namiji biyu. Daga 2020 zuwa 2023 rabonta ya zama dubu 80 a shekara, shekara huɗu dubu 320. Jimilla dubu 740. Na kalli adadin nan a takardar ɗan makaranta, na tuna ni ne ke yawo ina cewa yarinyar nan ba ta bi na ko dala.

Sai na fara neman abin ragewa, kuma a nan ne na ga halina tsirara. Na ce akwai atamfofin Salla da nake aika mata. Akwai ragon suna da na saya da ta haifi na biyu. Akwai kuɗin mota duk zuwanta. Malam ya ce, lokacin da kake ba ta, ka ce mata daga hayar gida ne? Na ce a'a. Ya ce ta yi maka godiya? Na ce har da addu'a. Ya ce to ka riga ka karɓi godiyar kyauta, ba za ka dawo ka karɓi rasit na biyan bashi a kan abu ɗaya ba. Abu guda ne ya tsallake: dubu 100 da na tura mata lokacin da ɗanta ya kwanta asibiti, wanda na faɗa da bakina cewa daga kuɗin shago ne. Aka cire, saura dubu 640. Shago na uku da na gina da kuɗina a 2016, muka bar gininsa a gefe a matsayin nawa, amma ƙasar da yake kai ta kowa ce, za ta shiga ƙima.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗe shi shekara huɗu. Za a ce wannan ai mayar da zumunci kasuwa ne, ɗan'uwa da ɗan'uwa ba a zama da biro. Za a ce mazan da ke zaune a gidan gado su ke ɗauke da wahalarsa: su ke jinyar tsohuwa, su ke tarbar baƙi, su ke biyan wuta da ruwa, kuma ranar da aure ya mutu, gidan nan dai 'yar'uwar za ta dawo da akwatinta da 'ya'yanta. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Tumunin Inna na dubu 70 a shekara ko maganin hawan jininta bai isa ba, sauran daga aljihuna ya fita, ban kuma ji wata 'yar'uwa ta tambayi nawa ne ba. Za a kuma ce gida mai ɗaki bakwai da masai ɗaya ba ya yankuwa kashi bakwai, in aka dage sai an sayar, in aka sayar kuwa zuri'a ta rasa inda za ta taru, baƙo ya rushe ɗakin da aka haife mu ya zuba bene.

Duk na yarda, sai dai ban ga yadda ɗaya daga cikinsu ya zama dalilin ɓoye lissafi ba. In ka yi wa gida hidima, rubuta ta, a cire maka a fili, kamar yadda aka cire mini dubu 40 ɗin nan. Abin da ka kashe wa mahaifiyarka don neman albarka kuwa, ka riga ka san wurin wanda za ka karɓi ladansa, kada ka je ka cire shi a rabon marainiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sanin kaso daban, sayar da gida daban. Mutum yana iya sanin cewa ɗaya bisa bakwai na gidan nan nasa ne, ya bar shi a ciki har ya mutu, yana karɓar hayarsa, yana shigowa da ƙafar dama ba tare da jin shi baƙo ne ba. Biron da ake tsoro bai taɓa raba mu da Auta ba. Rashinsa ne ya sa ta shekara huɗu ba ta taka Garwa ba.

Akwai kuma irin sulhun da dattawa ke haɗawa, wanda na fi jin tsoronsa fiye da rigimar kanta. A tara mutane a zaure, a zaunar da mace a bakin ƙofa, limami ya yi nasiha a kan haƙuri, baffa ya ce "ke dai ki dubi girman Allah ki dubi ƙashin iyayenku", ita kuma kanta a ƙasa ta ce ta yafe. A shafa fatiha, a raba goro. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, ya kuma ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi ban da sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Ta yaya za a san daɗin ran wadda ba a gaya mata ko nawa take yafewa ba, kuma maza goma sha biyu suna kallon bakinta? Gwajin da na yarda da shi ɗaya ne: a faɗa mata adadin, a sa mata shi a hannu ko a ba ta ranar biya tabbatacciya, ta koma ɗakinta ta kwana. In ta dawo da shi da kanta ta ce ta bar wa 'yan'uwanta, wannan kyauta ce. Ita kuwa waccan ta zaure, jira kawai take yi. Matar za ta yi shiru har ta mutu, 'ya'yanta su taso da labarin, su kuma ba su sha nono ɗaya da kowa a gidan ba. A lokacin kaso bakwai ya zama talatin da wani abu, an shiga gado a cikin gado, sai kotu.

Kotun ma akwai abin da ban sani ba sai da wani abokina da ke aiki a ofishin lauya ya buɗe mini ido. A ɓangarenmu na Kamaru kotun gargajiya tana sauraron irin wannan shari'a ne in ɓangarorin sun yarda da ita. Wanda aka kai ƙara yana iya cewa tun farko bai yarda ba, mai ƙara kuma yana iya wucewa kai tsaye kotun da ke aiki da rubutacciyar doka. A can 'ya'yan mamaci daidai suke, babu namiji babu mace, kuma dokar ta ce ba a tilasta wa kowa zama cikin tarayyar dukiya in ya nemi a raba. Tun 1993 Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta don ta yi aure. Masu ƙima sun ce gidanmu zai kai miliyan 21. A rabon Musulunci kason Auta miliyan 3 ne. Da ta ɗauki lauya, ɗaya bisa biyar za ta nema, miliyan 4 da dubu 200, kuma tana iya sa a buga wa gidan ƙararrawa. Mijin nan da na ce shi ke zuga ta ɗan kasuwa ne mai shiga ofisoshi a ƙasa biyu, ba zai rasa sanin wannan ba. Shekara huɗu ba su yi ba.

Saƙo na biyu a cikin azumin 2024 na rubuta shi, ana tsakiyar zafin Garwa da ke sa biro ya yi zufa a hannu. A takarda na yi shi. Saƙon murya yana da daɗin kuka amma ba a iya nuna shi ga malami a ce duba mini wannan adadi, kuma yatsa ɗaya ya isa ya jefa shi cikin zauren dangi na WhatsApp, inda kowace gwaggo za ta sa baki. Ban saka hadisi ko ɗaya ba. Na ga cewa wanda ake bi bashi ba shi ne zai yi wa mai binsa wa'azi ba. Ga abin da na rubuta, ban da gaisuwar farko:

"Auta, maganar da kika yi mini a zaure ranar arba'in ɗin Inna gaskiya ce, amsar da na ba ki ba daidai ba ce. Na je an duba mini kyautar shaguna da na ce Baba ya yi mini, an ce ba ta tsaya ba domin ban karɓa yana raye ba. Na janye. Shagunan na gado ne.

"Rabonki a gidan ɗaya bisa bakwai ne. Rabonki na haya daga rasuwar Baba zuwa ƙarshen bara dubu 740 ne, na cire dubu 100 na asibitin yaro, saura dubu 640 a kaina. Lissafin yana bayan takardar nan shekara-shekara, ki ba wanda kika yarda da shi ya duba. Kawu yana tafe da dubu 240. Sauran zan riƙa turo miki dubu 50 duk wata har wata takwas. Wannan haƙƙinki ne, ko kin amsa mini ko ba ki amsa ba zai zo.

"Gidan kuwa zaɓi naki ne. In kina so ki bar kasonki a ciki, hayarki za ta riƙa zuwa duk wata uku tare da hoton littafi. In kina so ki fita, a kawo masu ƙima biyu, ɗaya naki ɗaya namu, mu saya a gaban notar. Ba na roƙon ki yafe ko sefa ɗaya.

"Abin da nake roƙo shi ne na bakina. Na yi wa maigidanki ƙazafi a gaban mutane ba tare da na san komai ba. Na gaya wa Kawu da waɗanda suka ji cewa ƙarya na yi. In ya ba ni dama zan zo Kuseri in faɗa masa da kaina. Kuma da ruwa ya ci unguwarku ban kira ki ba, wannan ba ni da abin cewa a kansa."

Layi biyu a cikin takardar nan sun fi ba ni wahala. Na farko shi ne "ko kin amsa ko ba ki amsa ba". Zuciyata ta so in ɗaure kuɗin da sharaɗi, in ce in ta zo Salla sai a ba ta, domin in samu abin nunawa. Amma da zarar ka rataya haƙƙin mutum a wuyan gaisuwarsa, ka koma ciniki, kuma da kayansa kake sayensa. Na biyu shi ne kalmar "ƙarya". Na rubuta "kuskure" na soke, na rubuta "ɓacin rai" na soke. Kowa ya san yadda muke yi, "in na ɓata miki rai", "in akwai inda na yi ba daidai ba", kamar mai laluben abin da ya ɓace a duhu alhali yana tafin hannunsa. Wanda aka zaga ya san kalmar da aka faɗa masa, harafi da harafi, yana jira ne ya ji ko kai ma ka tuna.

Kawu ne ya kai, da tsufansa, ya kwana a Marwa, washegari ya bi hanyar Mora da Waza wadda ke karya ƙugun saurayi ma. Na zaɓe shi domin ɗan'uwan Inna ne, ba shi da ko taku ɗaya a gidan, kuma a gabansa na yi ɓarnar. Da baffanmu na aika, da ta ɗauka taron dangin uba ne aka sake turo mata. Ya ce ta karɓi takardar ta karanta a tsaye, ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito ta zuba masa abincin buɗa-baki, ba ta ce komai a kai ba. Kuɗin ma sai da mijinta ya dawo ya ƙirga a gabansa, ya rubuta ya sa hannu.

Kwana goma sha tara ban ji komai ba. Salla ta zo ta wuce. Ran nan ina shago da hantsi sai ga saƙonta, a rubuce, layi huɗu.

"Yaya, ina wuni. Na ga takarda. Lissafin bai cika ba, ba ka sa mai cajin waya da ke kafa tebur a jikin katanga ba, tun 2017 yake biyan dubu 5 a wata, Inna ce ta gaya mini. Kasona a bar shi a ciki, amma ina son mabuɗin ɗakin Inna, nan zan riƙa sauka."

Na ɗauko biro. Gaskiyarta ne, na manta da shi sam, domin kuɗinsa a cefane suke narkewa tun ranar da ya kawo. Rabonta a ciki ya kama dubu 57 ba kaɗan. Na tura mata a ranar, na kira yayyenta mata biyu na gaya musu su ma ga abin da suke bi na, ɗaya ta yi dariya ta ce ashe ana biya.

Ban je Kuseri ba tukuna, mijin ya ce wa Kawu in bari sai ya neme ni. Ɗakin Inna kuwa ƙanena ne ya zuba buhunan masararsa a ciki tun bara, kuma da na yi masa maganar mabuɗi ya ce shi Baba ya ce masa ɗakin nasa ne in Inna ta kau. Na ce ya shirya ranar Asabar mu je wurin malam.